Sharhi: juyin kai na Epley da aka yi mini a wani asibitin kunne a Legas

Idan jirinka na tashi ne kawai sa'ad da ka juya a gado, ko ka yi ruku'u, ko wanzami ya ɗaga maka haɓa, kuma ya lafa kafin minti ɗaya, to juyin Epley, wato jujjuya kai mataki-mataki da likita ke yi don kawar da jirin, ya cancanci kuɗin motar danfo daga Agege. Ƙwayar jiri ta kemis takan rage tashin zuciya, amma ba ta taɓa tushen matsalar.

Tushen shi ne wasu 'yan tsakuwoyin alli da ke can cikin kunne. Sukan ɓalle su faɗa ɗaya daga bututu uku masu ruwa da ke auna juyawar kai, galibi na baya. Kai na motsawa sai su gangara su tura ruwan, ƙwaƙwalwa ta ɗauka ɗakin ne ke juyawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne likitar ba ta fara ba sai da ta gano kunnen da ke da matsalar, da gwajin Dix-Hallpike. Ta juya kaina digiri 45 zuwa dama, ta kwantar da ni rigingine da sauri, ƙeyata na rataye kamar digiri 20 ƙasa da bakin gado. "Malam, kar ka rufe ido," in ji ta, don rawar ƙwayar ido take kallo. Bayan 'yan daƙiƙu jirin ya taso. Hagu kuwa shiru.

Daga wannan kwanciyar juyin ke farawa. Ana jira jirin ya kwanta, aƙalla daƙiƙa 30. Sai a juya kai digiri 90 zuwa hagu ba tare da an ɗaga shi ba, a sake jira. Sannan ka mirgina kan kafaɗar hagu har hanci ya kalli ƙasa, a jira, a tashe ka zaune haɓa na sunkuye. Kowane mataki gangarar da tsakuwoyin yake ta cikin bututun har su koma 'yar jakar cikin kunne da suka ɓalle daga cikinta. Sau biyu ta yi, ta maimaita gwajin, ido bai motsa ba.

Masu yi a gida sukan yi kuskure a mataki na biyu: tsoro ya sa su ɗaga kai, tsakuwoyin su koma baya. Wani lokaci kuma sukan zame cikin bututun gefe, sai jirin ya riƙa tasowa ko ta ina ka juya, kuma wannan juyinsa daban ne.

Ƙorafina ɗaya: ba a gaya mini in zo da ɗan rakiya ba, alhali mutum kan yi kwanaki yana jin kansa sakayau, kuma hawa okada a haka ganganci ne. Jirin yakan dawo. Mai matsalar ƙashin wuya ya faɗa tun kafin a kwantar da shi. Jirin da ba ya lafawa kuwa, ko ya zo da karkacewar baki, sarƙewar harshe ko gani biyu-biyu, sashen gaggawa ake kai shi, don yana iya zama shanyewar ɓarin jiki.