Kafin ka sayi data a Makka ko Jidda: wane ƙunshi ne ba ya zurarewa?

Duk wanda ya sauka Umara yana tambayata layin da zai saya, STC, Mobily ko Zain. Ni kuwa abin da nake fara dubawa shi ne irin ƙunshin datar da yadda aka bar wayar.

Azumin bara Goggona ta sauka gidanmu a Jidda. A wani shago aka sayar mata da ƙunshi mai giga 25, aka ce zai kai ta wata. Kwana shida muna Makka ta miƙo min waya: "Ɗan nan, duba min, taswira ta ƙi buɗewa, kuma ni ban taɓa komai ba." Gaskiya ta faɗa. Ƙunshin ya rabu biyu ne: giga 5 na komai da komai, giga 20 na kafafen sada zumunta kaɗai. Na shiga Settings, na buɗe Data usage, sai ga lissafi dalla-dalla. Manhajar ajiyar hotuna ta sha giga 3 da ɗoriya, domin jikanta ya saita mata tun daga Kano cewa duk bidiyon da ta ɗauka ya hau intanet ko da datar waya ce. Bidiyon minti ɗaya mai kyau yana iya haura mega 100, ita kuwa ta ɗauki harabar Harami dare da rana. Sabunta manhajoji ya kwashe ragowar. Giga 20 ɗin yana nan kusan cif, amma ba ya buɗe taswira, ba ya kiran mota.

Shi ya sa ba na son ƙunshi mai rabe-rabe. Abin da waya ke ci a ɓoye, daga ɓangaren komai da komai take cinsa, wanda shi ne ƙarami. Mai kunna VPN ma ya sani: kamfani ba ya gane manhajar da yake amfani da ita, sai ya cira daga ƙaramin.

Zaɓina shi ne ƙunshin wata ɗaya wanda datarsa duka ta komai da komai ce, ko da lambar ta fi ƙanƙanta. Giga 10 irin wannan ya fi min 25 mai sharaɗi. Lamba ɗaya kake kallo, kana iya gwada ta da abin da wayarka ta lissafa, idan sun yi nisa da juna ka san akwai magana. Ka loda daidai kuɗin ƙunshin, ka tuna da harajin kashi 15 cikin ɗari, ka kashe sabuntawa ta kai tsaye a manhajar kamfanin, sannan ka bar layin babu rarar kuɗi. Kafin ka bar shagon ka kunna Data Saver, a Play Store ka mayar da Auto-update apps zuwa Wi-Fi kaɗai, a WhatsApp ka cire alamar bidiyo ƙarƙashin Media auto-download. Mai iPhone ya kunna Low Data Mode ya kashe Wi-Fi Assist, domin ita ce ke komawa kan datarka shiru idan intanet ɗin otal ya yi rauni.

Ƙunshin kwana ɗaya na mai wucewa ne. Barin layin Najeriya yana jan data a nan kuwa, tsada ce zalla.

Maganar rarar kuɗi ita ce ta taɓa ƙona ni. Na bar riyal 50 a layina don kiran gaggawa. Data ta ƙare cikin dare, wayar ba ta tsaya ba, ta ci gaba da ja daga kuɗin a farashin da ya fi na ƙunshi tsada. Da asuba saura riyal 11. Na je ofishin kamfanin, a nan na ga wani abin kuma: an yi makonni ana cire min kuɗi kullum don wani wasa da ban san shi ba. Talla ce ɗana ya danna, aka turo lamba ta saƙo, ya shigar. Alamar ita ce kuɗi na raguwa da adadi iri ɗaya kowace rana ko da ba ka kira kowa ba. Ka duba jerin hidimomin da aka yi maka rajista a manhajar kamfanin ka soke su. Idan ka kai ƙorafi ba su warware ba, hukumar sadarwa ta CST tana karɓar ƙara.

Sannan don Allah kada ka sayi layi a hannun masu tare mutane a bakin otal, suna cewa "a buɗe yake, ba sai da fasfo ba". Layi a Saudiyya da iƙama ko fasfo ake rajistarsa, da hoton yatsa. Wanda aka ba ka a buɗe, da sunan wani yake. Ba ka san ranar da aka kunna ƙunshin ba, wataƙila saura kwana huɗu, ba ka san hidimomin da ke manne da shi ba, kuma ran da kuɗinka ya zurare ofis ba zai saurare ka ba tunda ba sunanka ba ne. Haka masu kira su ce ka ci kyauta, ka karanto musu lambar da ta shigo wayarka: kashe kiran kawai. Ko a shago na gaskiya, ka ce mai sayarwa ya nuna maka saƙon kunna ƙunshin a kan wayarka, ka karanta giga nawa ne na komai da komai da ranar ƙarewa, sannan ka biya.