Motar haya ko aikin da ka ƙware a kai?

"Na yi ritaya daga sashen kuɗi, fanshona kaɗan ne. In sayi motar haya da giratutina in ba direba, ko in nemi abin yi da ilimin aikina?"

Malam, bar maganar mota, ka riƙe alƙalaminka.

Ni ma daga sashen kuɗi na fito, kuma jarina gaba ɗaya laftof ce ta hannu da ƙaramar firinta. Wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta ce ta fara ba ni aiki. Mai makarantar ta zo tana kukan ɗalibai sun ƙaru amma albashin malamai na gagararta. Da na nemi takardu sai aka juye mini su daga cikin kwali. Littafin rasit biyu ake yanka a lokaci guda, ɗaya a wurinta ɗaya a wurin akawu, kuma iyayen da suka biya rabin kuɗi ba a rubuta ragowar da ake binsu a ko'ina. Na sa aka koma littafi ɗaya mai lamba a jere, na buɗe wa kowane ɗalibi layinsa: abin da ake binsa, abin da ya biya, abin da ya rage. Ƙarshen wata na ɗauki takardar bayanin banki na daidaita ta da rasit ɗaya bayan ɗaya. Ashe ba wanda ya ci kuɗin, suna hannun iyaye ba a nema ba. Ranar da ta biya albashi a kan kari, har gida ta zo godiya, kuma ita ce ta haɗa ni da wata ƙungiyar adashi da lamuni da nake riƙe wa littafi yanzu.

Abin da kake gani ba komai ba ne don ka shekara talatin kana yinsa, shi ne ƙananan makarantu, shagunan magani da ƙungiyoyi suka rasa. Ba za su iya ɗaukar akanta na dindindin ba, amma za su iya biyan wanda zai zo musu kwana biyu ko uku a wata. Saboda haka kada ka yarda a biya ka aiki-aiki. Ku rubuta yarjejeniya a shafi ɗaya: kwana nawa za ka zo, me za ka miƙa a ƙarshen wata, nawa ne ladanka, wace rana ake biya. Wuri uku sun ishe ka, in ka wuce haka ka koma aikin da ka baro. Kuma ka tsaya a rubutu: kada ka riƙe tsabar kuɗinsu, kada ka sa hannu a cek, domin ranar da wani abu ya ɓace kai za a fara kallo. In hukuma ta nemi rahoton da sai akanta mai lasisi ke sa wa hannu, shirya takardun ka tura su gare shi.

Ita mota, ba na musun tana kawo kuɗi kullum, in ka dace da direba mai tsoron Allah. Amma yi wannan lissafin tukuna. A ce za ta yi shekara 4 kafin ta gaji, wato wata 48. Raba kuɗin sayenta gida 48: wannan kason, a cikin abin da direba ke kawowa duk wata, kuɗinka ne ke dawowa, ba riba ba. Cire gyara, taya, inshora da kwanakin da take kwance a gareji, ka ga abin da ya saura. Haɗari guda kuma ya isa ya cinye giratutin da ba za a sake ba ka ba.

Ka kula da masu sayarwa, don suna jin ƙanshin giratuti. Duk wanda ya ce ka zuba kuɗi ya riƙa ba ka kashi 10 a wata, kashi 120 ke nan a shekara, kuɗin sababbin shiga yake raba wa tsofaffi, ka guje shi ko da tsohon abokin ofis ne ya kawo shi. A wurin kayan aiki ma haka: in firinta ta hannu ce, sa a buga maka shafin bayaninta, yana nuna jimlar shafukan da ta taɓa bugawa. Laftof kuwa a cire ta daga wuta a gabanka ka ga ko batir zai riƙe.

Ka ware kuɗin cefanen wata 6 daga giratutin ka ajiye, ka sayi na'urorin nan biyu, sannan ka fara da makaranta ko ƙungiyar da ta riga ta san ka.