Sharhi: na ba da takardar ƙorafina an duba kafin in aika wa dila

Akwai masu sana'ar duba wasiƙun kasuwanci, ka tura musu abin da ka rubuta su gyara su dawo maka da shi. Na gwada wata daga cikinsu a kan takardar ƙorafi da na shirya wa kamfanin da ke kawo mini kwan fitila, kuma ra'ayina shi ne aikin ya ci kuɗinsa, sai dai ba ta inda na zata ba. Na ɗauka nahawu da zaɓen kalmomi za ta gyara. Wannan kaɗan ta taɓa. Yawancin aikinta tambayoyi ne, kuma tambayoyin ne suka sauya abin da nake nema gaba ɗaya.

Ga yadda kayan suke. Katan 20 aka kawo, kowanne da kwan fitila 50, jimla 1,000 ke nan. Da aka fara gwadawa sai aka ga wasu ba sa kamawa sam, wasu kuma suna kamawa suna ƙyafce-ƙyafce. Abin da na rubuta da farko ya kai shafi biyu. A ciki na ce yawancin kayan ba su da kyau, na ce an kawo mini tsohon kaya da gangan, na tuna musu shekarun da muka yi muna ciniki, sannan na rufe da cewa su ɗauki mataki cikin gaggawa.

Kafin ta taɓa ko kalma ɗaya, sai ta nemi in turo mata rasit, da takardar rakiyar kaya wadda na sa wa hannu ranar da aka sauke, da hoton rubutun da ke jikin katan. Sannan ta ja layi ƙarƙashin "yawancin kayan" ta rubuta a gefe: "Malam, nawa ka buɗe, nawa ka gwada, nawa suka ƙi?" Amsar ita ce katan 6 aka buɗe, wato kwai 300, kuma 54 ne ke da matsala: 41 ba sa kamawa, 13 suna ƙyafce-ƙyafce. Kashi 18 cikin ɗari ke nan. Adadi ne mai nauyi, babu ɗan kasuwar da zai haɗiye shi, amma ba "yawanci" ba ne. Ta nuna mini cewa idan dila ya turo yaronsa ya ƙirga ya tarar ba haka ba, to daga nan gardama za ta bar kan kaya ta koma kan gaskiyar maganata, kuma wannan gardamar shi za ta yi wa daɗi.

Inda na fi jin daɗin aikinta shi ne batun lambar rukuni. Masana'anta kan buga lamba a jikin kowane katan da ke nuna zubin da aka ƙera kayan a ciki. A hoton da na tura ta lura lambobi iri biyu ne, ta ce in raba lissafin. Da na raba sai abin ya fito fili. Katan 4 daga cikin waɗanda aka buɗe na rukunin farko ne, kuma a cikin kwai 200 ɗinsu 52 ne marasa kyau, kashi 26 cikin ɗari. Sauran katan 2 na rukuni na biyu ne, a cikin kwai 100 guda 2 kawai suka ƙi. A dukkan kayan kuwa, katan 12 ne na rukunin farko, 8 na biyu. Ashe ba kaya duka ne suka lalace ba, zubi ɗaya ne ya fito da aibi. Wannan ya ƙara wa ƙorafin ƙarfi, domin aibin da ya taru a rukuni ɗaya yana nuna masana'anta ne, ba ajiyata ba kuma ba direba ba. Da jijjigar hanya ce ko danshin sito, da ba za ta zaɓi lamba ba. Ta sa na ƙara jimla ɗaya cewa katan-katan sun iso a rufe, babu jiƙewa, babu lotsewa, babu fasasshen kwai.

Waccan jimlar tana da wani amfani kuma. A takardar rakiyar kaya akwai layin da ke cewa an karɓa cikin yanayi mai kyau, kuma da sa hannuna a ƙasa. Ta ce dila zai fara da wannan, don haka gara in riga shi: in rubuta cewa sa hannun ya shafi yawan katan da yadda suke a waje, aibin kuwa ba ya bayyana sai an sa wa kwan wuta. Maganar "da gangan" kuma ta goge ta. Dalilinta gajere ne, wai ba ni da shaida a kai, kuma ko babu mugun nufi haƙƙina na nan. Tarihin cinikinmu ya koma rabin layi.

Sai abin da ake nema. A rubutuna na ambaci canji a wani wuri, na ambaci mayar da kuɗi a wani, har da ragi na yi zancensa a sakin layi na ƙarshe. Ta ce, "Malam, idan ka jera masa uku, mafi arha zai ɗauka, ko ya ce yana jiran ka tsayar da magana." Ta tambaye ni wanne ne zai fi mini amfani a kasuwa. Ni kaya nake so, domin masu saye suna jira. Sai muka tsayar da buƙata ɗaya: a canza katan 12 na rukunin farko da wasu na wani rukuni, in riƙe 8 ɗin, kwai 2 da suka ƙi a cikinsu kuma a cire kuɗinsu. Mayar da kuɗi ya koma mataki na biyu, wanda zai hau ne kawai idan canjin bai samu ba a ranar da aka sa.

A nan na ɗan ja da ita. Na ce, "Malama, katan 4 kawai na buɗe a cikin 12, ta yaya zan nemi a canza duka?" Ta ce abin da ya sa za a rubuta shi yadda yake ke nan: an gwada 4, an sami kaza, sauran 8 suna nan a rufe, kuma ƙofa a buɗe take su turo wakili ya buɗe ya gwada a gabana. Ta kuma ce in daina sayar da komai daga wannan rukunin, in ware shi gefe, domin wanda ya ci gaba da sayar da kaya bayan ya ce bai karɓe su ba ya raunana maganarsa da hannunsa.

Wa'adi shi ne ya fi sauƙin gyara. "Cikin gaggawa" ba ya ɗaure kowa. "Cikin kwana bakwai" ma ta ƙi shi, saboda ba a san daga yaushe za a fara ƙirga ba, ranar rubutawa ko ranar da ta isa hannunsu, kuma ba a san ko da ranakun hutu a ciki ba. Ta ce a sa ranar wata, kuma a sa biyu, ɗaya ta amsa ɗaya ta kawo kaya, tunda amsa ba ta buƙatar mota. Sakin layin ya koma haka:

"Ina neman ku canza katan 12 masu lambar rukunin da na ambata a sama. Ku tabbatar mini a rubuce zuwa ranar 14 ga Mayu cewa kun amince, kuma kayan canjin su iso zuwa ranar 28 ga Mayu. Idan ba su iso a wannan rana ba, zan nemi a mayar mini da kuɗin katan 12 ɗin kamar yadda yake a rasit."

Akwai wa'adin da ke kaina ni ma, kuma ita ta tono shi. A bayan rasit, cikin ƙananan rubutu, an ce duk ƙorafi kan kaya a gabatar da shi a rubuce cikin kwana 14 da saukewa. Kiran waya da na yi wa wakilinsu ba ya cikin lissafi. Don haka ta sa ranar saukewa a layin farko na takardar, yadda mai karatu zai ga da kansa cewa ina cikin lokaci, ta kuma ce in aika ta hanyar da za ta bar shaida, imel da kwafi a hannu wanda za a buga wa hatimin karɓa. Wannan ba son zuciyar kamfani ɗaya ba ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1980 kan cinikin kaya tsakanin ƙasashe, a sashe na 39, ta ce mai saye zai rasa damar dogaro da aibin kaya idan bai sanar da mai sayarwa irin aibin ba cikin lokacin da ya dace bayan ya gano shi ko ya kamata ya gano. Ba ita ke hukunta cinikin cikin gida ba, amma ta nuna abu biyu da ake dubawa: a faɗi irin aibin, a faɗe shi da wuri.

Yanzu ga inda aikin ya gaza. Takardar da ta dawo mini da ita ba ta ce komai ba kan wanda zai biya kuɗin mota, na mayar da katan 12 da na kawo sababbi. Kuma daidai nan dila ya tsaya. Ya amsa kafin ranar, bai musa adadin ba, ya yarda da canji, sannan ya ce in kai kayan sitonsu da kuɗina. Sai da aka sake musayar saƙo kafin suka yarda motarsu ta kwashe tsofaffin idan ta kawo sababbin. Mai duba irin wannan takarda a kullum bai kamata wannan ya wuce ta ba, jimla ɗaya ce.

Na biyu, akwai ragowar kuɗin da ban gama biya ba, na tambaye ta ko in rubuta cewa zan riƙe shi. Ta ce wannan ya dogara da sharuɗɗan cinikin da dokar wurin, ita ba lauya ba ce, in cire shi daga takardar ko in nemi lauya. Gaskiya ta faɗa, amma ya kamata a san iyakar tun kafin a biya: tsara magana take yi, ba ta ba da fatawar shari'a. Haka nan duk adadin da ka ba ta shi za ta rubuta, ba ta da hanyar tantancewa.

Takardar ta koma shafi ɗaya, da hotuna da kwafin rasit a haɗe. Ga kaya masu yawa, ko inda ake da lambar rukuni da sharuɗɗa a bayan rasit, zan sake kai mata. Idan kwai biyu ne suka mutu a katan ɗaya, saƙon waya ga wakilin dila ya wadatar.