Hattara 'yan kasuwar Gombe: masu yawo da takardar "Approval in Principal"

Jama'a, akwai wani saurayi da ke zagaya Tudun Hatsi da shagunan Sabon Layi da jaka cike da takardu, yana cewa shi wakilin wani sabon ƙaramin banki ne da Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya amince da shi. Ba zan faɗi sunan da ya ba kamfanin ba, domin irin waɗannan mutane suna sauya suna kamar riga. Abin da zai amfane ku shi ne ku san kamannin takardar.

Ni sana'ata buga takardu ce da hoton takardu, kuma kafin in buɗe shagona na yi shekaru ina buga yarjejeniyoyi a ofishin wani lauya. Shi ya sa Bappana, wanda ke harkar masara da wake, ya biyo ta wajena ranar wata Laraba da takardu guda biyu a cikin leda. Ba shawara ya zo nema ba. Cewa ya yi, "Ɗana, yi mini hoton waɗannan bibbiyu, gobe zan sa hannu." Tsarin da aka yi masa bayani shi ne ya zuba naira 500,000, a riƙa ba shi kashi 10 cikin ɗari duk wata, wato 50,000, har wata shida, sannan a mayar masa da uwar kuɗinsa cif. Riba 300,000 ke nan yana zaune. An ce masa ba kuɗin ruwa ba ne, wai taki za a saro da kuɗin. Maƙwabcin rumfarsa ya riga ya zuba 200,000, har an turo masa 20,000 na watan farko, yana nuna wa kowa saƙon a waya.

Ina ɗora takarda ta farko a kan inji idona ya faɗa kan kanun da aka rubuta da manyan baƙaƙe a ƙarƙashin tambarin CBN: "Approval in Principal". Na ɗaga ta biyu, wato yarjejeniyar, na ga sakin layi na huɗu yana cewa: "Refund of the principle sum shall be affected after six months." Sai na kashe injin na jawo wa Bappa kujera.

Mu a Hausa yadda ka ji kalma haka za ka rubuta ta. Matsalarmu ma ta wani gefen take, inda rubutu ɗaya ke ɗauke da furuci biyu, kamar gari na zama da gari na tuwo. Turanci kuwa yana da kalmomin da kunne ba ya rabe su, sai ido. "Principal" da "principle" furucinsu ɗaya ne, amma ba su haɗa komai a ma'ana ba. Mai ƙarewa da "al" tana nufin babba ko na gaba. Ita ce ta shugaban sakandare da muke kira firinsifal, ita ce ta mutumin da ya naɗa wakili ya yi ciniki a madadinsa, kuma a harkar kuɗi ita ce uwar kuɗi, wadda ake lissafa riba ko ruwa a kanta. Mai ƙarewa da "le" kuwa ƙa'ida ce ko aƙida, abin da mutum ya tsayu a kai. Ba a ƙirga ta, ba a zuba ta a asusu. Don haka uwar kuɗi "principal sum" ce. Wanda ya rubuta "principle sum" ya rubuta wani abu mai kama da "kuɗin aƙida", abin da ba shi da ma'ana a kowace yarjejeniya.

Abin dariyar shi ne mutumin nan ya yi musanya ne. Inda ake buƙatar ta ƙa'ida ya sa ta kuɗi, inda ake buƙatar ta kuɗi ya sa ta ƙa'ida. Sunan takardar da CBN ke bayarwa "Approval in Principle" ne, suna taƙaita shi AIP, ma'ana an amince bisa manufa, saura cika sharuɗɗa. Wannan suna ne da ke fita daga wannan ofishi kullum, a kan tsararren samfuri, yana bi ta hannun mutane da yawa kafin a sa hannu. Mai buga takarda zai iya tuntuɓe a tsakiyar dogon sakin layi, ni ma na sha yi. Amma ofishi ya kasa rubuta sunan takardarsa a kanu, wannan kamar a ce mai sayar da masara bai san sunan mudu ba ne.

Sai kuma "affected". Ita "affect" shafa ce, wani abu ya taɓa wani, kamar yadda ƙarancin ruwan sama ke shafar farashi. "Effect" galibi sakamako ce, shi ya sa takardun ofis ke cewa "with effect from" idan za su faɗi ranar da abu zai fara aiki. Amma a harshen lauyoyi da 'yan banki tana zama aikatau mai nufin zartarwa, kuma nan ne mutane ke faɗuwa. "Payment shall be effected" na nufin za a biya. "Payment shall be affected" na nufin wani abu zai sami biyan. Na fassara wa Bappa jimlar yadda take a rubuce: bayan wata shida, wani abu zai shafi mayar da kuɗin aƙida. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai kuwa sun faɗi gaskiya ba su sani ba."

Dalilin da irin wannan kuskure ke tsira a takardun bogi shi ne kwamfuta ba ta cika kama shi ba. Jan layin da Word ke ja yana fitowa ne idan kalma ba ta cikin ƙamus. Waɗannan kuwa duk kalmomi ne na gaskiya, an dai ajiye su ne a gidan da ba nasu ba. Wanda ya kwaikwayi takarda da kunne zai duba allo ya ga babu ja ko ɗaya, ya ɗauka ya gama.

A nan dole in ja burki, kada wani ya ɗauki maganata fiye da inda ta tsaya. Kuskuren rubutu shi kaɗai ba hujjar damfara ba ne. Na buga wa mutanen kirki takardu masu irin wannan tuntuɓe, kuma cinikinsu lafiya lau. Haka nan kuskuren ba ya rushe yarjejeniya. Idan magana ta je kotu kuma kowa na ganin abin da ake nufi, alƙali zai karanta "principle sum" a matsayin uwar kuɗi ne, ba zai ce takarda ta mutu saboda baƙi biyu ba. Saboda haka wanda ya ci bashi na gaskiya kada ya yi murnar ya sami ƙofar gudu. Shi ma wanda aka damfara, ba rubutun ne zai hana shi kuɗinsa ba. Abin da zai hana shi shi ne babu wanda zai kama. Amfanin kuskuren ɗaya ne: yana gaya maka cewa da wuya takardar ta fito daga inda take da'awa, don haka ka dakata ka bincika.

Mun kuwa bincika, a nan shagon, cikin abin da bai kai rabin sa'a ba. Na buga lambar RC, wato lambar rajistar kamfani, da ke ƙasan takardar a shafin binciken hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, search.cac.gov.ng, sai ga sunan wani kamfani dabam da ba ruwansa da banki. Na duba jerin ƙananan bankuna masu lasisi a cbn.gov.ng, babu sunan. Lambar asusun da aka ce a tura kuɗin kuma, da muka sa ta a manhajar banki, sunan mutum ɗaya ta fito da shi, ba na kamfani ba. Ku kuma riƙe wannan, domin ya fi duk zancen rubutun nauyi: ko da takardar AIP ta gaskiya ce, babu kuskure ko ɗaya, ba lasisi ba ce. Mataki ne na farko, kuma ba ta ba kowa izinin fara karɓar ajiyar jama'a sai lasisin ƙarshe ya fito. Rajistar CAC ma shaida ce kawai ta cewa kamfani yana nan, ba izinin tara kuɗin mutane ba. Mai neman jarin jama'a da alƙawarin riba, hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ce ke yi masa rajista. Waɗanda suka ga yadda MMM ta ƙare a ƙarshen 2016 sun san cewa biyan watan farko daga aljihun wanda ya shigo bayanka yake fitowa.

Bappa bai sa hannu ba, alhamdu lillahi. Sai dai ya yi abin da na manta ban hana shi ba. Da yaron ya zo washegari, sai ya zazzage masa komai, har da nuna masa layin da yatsa: "Ɗana ya ce nan da nan ba daidai ba ne." Yaron bai ko girgiza ba. Ya ce laifin sakatariya ne, a yi masa afuwa.

Bayan kwana biyar ya dawo da sababbi, ya ce, "Baba, ga shi an gyara." Bappa ya karɓa ya kawo mini. Na fito da hoton da na ajiye na tsofaffin, na jera su a kan tebur. Yanzu kanun ya koma "Approval in Principle", sakin layi na huɗu ya koma "principal sum shall be effected", tsaf. Amma kwanan watan wasiƙar CBN bai canza ba, lambar wasiƙar ita ce dai, sa hannun ma yana nan daram inda yake, har da ɗan ɗigon tawada a gefen hatimi wanda ke jikin ta farko. Yarjejeniya taku ce, kuna iya sake buga ta sau goma. Wasiƙar da wani ofishi ya aiko maka watanni da suka wuce kuwa, ba ka da hanyar gyara mata rubutu cikin kwana biyar sai idan a kwamfutarka aka haife ta. Wannan ya fi kuskuren farko ƙarfi nesa ba kusa ba, domin shi ba ya karɓar uzurin sakatariya.

Don haka wadda ke yawo yanzu mai yiwuwa gyararriya ce, kuma da hannunmu a gyaran, ban ji daɗin hakan ba. Idan an kawo muku takarda irin wannan, ku ɗauki hotonta da waya tun a ganin farko, kowane shafi, kuma idan kun ga kuskure ku bar shi a cikinku, ku ce za ku yi shawara. Maƙwabcin Bappa yau kwana tara ke nan da cikar wata na biyu bai ga saƙo ba, lambar yaron kuma wani lokaci ta shiga wani lokaci a kashe. Na haɗa masa kwafi biyun, tsohuwa da sabuwa, da shaidar tura kuɗinsa, gobe da safe za mu kai ofishin EFCC na nan Gombe. Duk wanda aka ba irin takardar nan, ko ya zuba ko bai zuba ba, ya kai tasa can ita ma, da kwanan watan da aka ba shi.