Jini kalar cakuleti: gwajin iskar jini ko ko-oksimita?

A ce mai shan dafson, maganin kuturta, ya zo asibiti harshe da farce sun yi shuɗi. An sa masa oksijin, ba sauyi. Jinin da aka ɗiba kuma kalar cakuleti ne.

Gwajin iskar jini zai nuna PaO2, wato matsin oksijin a jini, lafiya lau, domin oksijin da ya narke a ruwan jini kawai yake aunawa. Huhu kuwa yana aikinsa. Matsalar tana cikin hemogulobin, mai ɗaukar oksijin a jini: maganin ya juya sinadarin ƙarfensa daga Fe2+ zuwa Fe3+, ya zama methemogulobin. Wannan ba ya ɗaukar oksijin, kuma shi ke ba jini wannan launi.

Ko-oksimita kuwa tana haska jinin da haske iri-iri, ta ware methemogulobin ta faɗi yawansa. A mai lafiya kusan kashi 1 cikin 100 ne. Idan ya kai 10 zuwa 15, shuɗin kan bayyana. A ganina ita ce abin nema, don na'urar yatsa mai auna oksijin ma kan maƙale a wajen kashi 85.

Inda babu ita, a ɗiga jinin a farar takarda. Jinin da oksijin kawai ya rasa zai yi ja idan iska ta taɓa shi, wannan kuwa yana nan yadda yake.