Rami mai zurfi ko dogon tanki mai get: wanne zai tare yashi kafin ya shiga kanal?

"Salam 'yan uwa. Ƙungiyarmu ta manoman rani a gefen Dilimi muna son jawo ruwa ta kanal zuwa wajen hekta 40, an lissafa mana lita 60 a sakan, amma yashi da laka na cike mana kanal duk shekara. Magini yace a haƙa rami mita 4 da 4 zurfin mita 3 a bakin shiga, wani injiniya kuma yace a gina dogon tanki na kankare mai get ɗin wankewa. Wanne yafi?"

Wa alaikumus salam Ciyaman. A nawa ganin dogon tankin yafi, amma get ɗin wankewar nan ba ko'ina yake aiki ba, akwai awon da sai kunyi kafin ku sayi ko buhun siminti ɗaya, zan zo kanshi a ƙasa.

Da farko ku san me kuke son tarewa, don abinda muke kira laka a bakin rafi ba abu ɗaya bane. Akwai yashi, akwai turɓaya mai laushi, akwai yumɓu wanda ke mayar da ruwa ja. Ƙwayar yashi mai kaurin milimita 0.2 tana nutsewa wajen santimita 2 a sakan, mai milimita 0.1 bata kai santimita ɗaya ba, wajen 0.7 take yi, in aka sauka zuwa 0.01 kuwa sai ta kusa minti biyu kafin ta sauka santimita ɗaya, yumɓu kuma ku manta da shi, zai iya kwana a cikin ruwa bai kwanta ba. To ba ramin magini ba tankin injiniya, babu wanda zai baku ruwa fari tas, kuma ba ku ma buƙatarsa tunda kanal ne ba dirif ba, wannan jan da ya wuce tankin, gona zai je ya kwanta kuma bai cutar da kabeji ko tumatir. Wanda ke toshe kanal shine yashi daga wajen 0.1 zuwa sama, shi za'a yi lissafi a kai.

Gwajin gida: ku ɗebi ruwan a daidai inda zai shiga kanal ɗin, a babbar robar Swan wadda tsayinta ya kai wajen santimita 30, ku girgiza sosai ku ajiye. Abinda ya kwanta cikin minti ɗaya na farko, kaman yadda gasara ke kwanciya a ƙasan bokiti, shine kusan abinda tanki zai iya kamawa. Wanda sai bayan awa guda ya kwanta ba naku bane. Kuyi gwajin ranar da ruwa ya fi dauɗa, misali bayan ruwan farko na Afrilu ko Mayu, ko ranar da masu ɗiban yashi da masu wankin kuza ke aiki a sama da ku, don anan Jos ko da rani rafi na iya gurɓacewa saboda su.

Yanzu lissafin. Abinda mutane da yawa basu yarda da shi ba sai sun gani shine zurfi baya ƙara yawan yashin da za'a kama, faɗin fuskar ruwan ne ke ƙarawa. Dalili kuwa in ka ninka zurfi ruwa zai rage gudu da rabi, gaskiya ne, amma ita ma ƙwayar yashin tafiyarta zuwa ƙasa ta ninku, sai ya zama an tashi canjaras. Tun 1904 wani injiniyan Amurka, Allen Hazen, ya nuna wannan, kuma har yau shi ake amfani da shi:

```
A = Q / w
```

A shine faɗin fuskar ruwan da ake buƙata, Q shine ruwan da ke wucewa, naku kubik mita 0.06 a sakan, w kuma saurin nutsewar ƙwayar, mita 0.007 a sakan. In ka raba zaka samu sikwaya mita 8.6. Amma wannan na ruwan da ke tafiya lumui ne babu motsi, ruwan gaske yana juyi yana tayar da yashi, don haka ake ninkawa da 1.5 zuwa 2, mu ɗauki 2, ya zama wajen sikwaya mita 17. Tanki mai faɗin mita 1.5 da tsawon mita 12 ya bada 18, ya isa.

To anan ne magini zai ce ai nawa ramin ma 4 sau 4 sha shida ne, kusan ɗaya. A takarda haka ne. Matsalar itace ruwan da ya fito daga bakin kanal mai faɗin rabin mita baya bazuwa ya cika faɗin mita 4, yana ratsawa ne ta tsakiya kai tsaye ya fita ta ɗaya gefen, kusurwoyin kuma ruwa na tsaye ko yana zagaye a wuri ɗaya, don haka sikwaya mita 16 ɗin ƙila kashi ɗaya cikin uku ne ke aiki. Zaku gane haka da ido, ku watsa ɗan buntun shinkafa ko busassun ganye a bakin shiga, in kuka ga sun tsallake cikin 'yan sakanni a layi ɗaya to yashi mai laushi ma haka yake tsallakewa. Shi yasa ake son tsawo ya ninka faɗi aƙalla sau 4, in da hali sau 8 kaman wannan namu, kuma bakin shiga kar ya buɗe farat ɗaya, a buɗa shi a hankali, duk mita 5 na tsawo kowane gefe ya buɗe mita 1. Wannan wajen buɗewar baya cikin mita 12 ɗin, ƙari ne, magina na yawan haɗe su don a rage bulo.

Inda zurfi ke da amfani wuri biyu ne, ajiyar yashin da ya kwanta da kuma hana ruwa gudun da zai sake kwashe shi. A tankin namu in ruwa na da zurfin mita 0.8 a farko, gudunsa santimita 5 ne kacal a sakan, yashin 0.1 kuma sai gudu ya kai wajen santimita 14 yake fara tashi. Yayin da yashi ke taruwa ruwan sama na raguwa, in ya rage saura mita 0.3 gudun ya kai 13, daga nan tankin ya daina aiki ko da kuna ganinsa da ruwa. Ku shafa jan fenti a bango a wannan tsayin ko ku ajiye sanda mai alama, mai gadi ya riƙa dubawa.

A wajen ajiya kam ramin magini ya ci, babu musu. Mu ɗauka gwajinku ya nuna rabin giram na yashi a kowace lita, misali ne kawai, naku awon shi za'a bi. In kuna ban ruwa awa 10 a rana kubik mita 2,160 ke wucewa, yashin ciki ya haura tan ɗaya kaɗan, wanda in ya kwanta zai ci wajen kubik mita 0.7, kusan baro 12 kenan kullum. Dogon tankin zai ɗauki wajen kubik mita 10, wato sati biyu a lissafi, amma tunda yashi mai kauri a bakin shiga yake tara tudu ba shimfiɗuwa yake yi daidai ba, ku ɗauka duk sati ne. Ramin kuwa zai iya ɗaukar sama da 30, zai yi wata da 'yan kai ba'a taɓa shi ba. Sai dai ranar kwashewa ake jin jiki: sai an tsayar da ban ruwa, an sa injin ya zuƙe ruwan, sannan mutane su shiga rami mai zurfin mita 3 suna miƙo jiƙaƙƙen yashi da bokiti don shebur baya jefawa daga can, in bangon ƙasa ne ba'a ɗaure ba yana iya zabtarewa a kansu. Ga yara masu zuwa wanka, rami mai miƙaƙƙen bango cike da jan ruwa a gefen gona ni dai bana so ko kyauta.

Sai maganar get. Tankin mai wanke kansa ana yi masa daɓe mai gangara, wajen 1 cikin 40, wato daga zurfin 0.8 a farko zuwa 1.1 a ƙarshe, a can ƙasan ƙarshen sai a sa get, kar ya gaza santimita 40 da 40, da magudanar da zata mayar da yashin rafi ita ma da gangararta. Duk wannan ba zai yi aiki ba sai in bakin magudanar na sama da fuskar ruwan rafin a inda zata zuba. To shine awon da nace: ku samu mai lebur, ko ku cika siririn tiyo mai haske da ruwa irin na magina, ku auna bambancin tsayi tsakanin fuskar ruwan tankin da fuskar rafin a wajen zubarwa. In kun samu mita 1.5 ko fiye, get zai yi. In bai kai ba, kun sayi ƙarfe ne kawai, ruwa zai riƙa dawowa ta baya yashin ya daskare a magudanar. Galibi in akwai ɗan shingen tare ruwa a rafin ko rafin na gangara sosai kaman yadda ake samu a wasu wurare a kan tsaunin nan, ana samun wannan tazarar, a fadama shimfiɗaɗɗiya kuwa da wuya.

Kuma wankewar ma akwai yadda ake yi. Masu buɗe get tanki na cike su ce baya wankewa, ai ɗan rami kawai zai yi a bakin get ɗin sauran yashin na nan. Sai an rufe hanyar kanal, an rage ruwan shiga, an buɗe get duka har ruwan tankin ya sauka ƙasa, sannan siririn ruwa mai gudu ya riƙa bi ta kan yashin yana yanka shi, mutum biyu da shebur suna tura na gefe. Kar a bari ya wuce sati biyu don in turɓaya ta zauna ta kame ruwa kaɗai baya ɗaga ta, kuma ku sanar da na ƙasa da ku ranar wankewa kar ku cika musu bakin injin da yashi a zo ana rigima. Sandar juya get ɗin kuma a riƙa cirewa ana kaiwa gida, 'yan jari bola basu da wasa.

In tazarar bata kai ba, ba sai kun koma ramin ba. Ku gina dogon ɗin dai, amma ɗaki biyu gefe da gefe kowanne 1.5 da 12, zurfin bai wuce mita 1 ba, da katakon toshewa a bakin kowanne da ɗan gangaren da baro zai hau. Ɗaya na aiki ana kwashe ɗayan, ban ruwa bai tsaya ba, yashin kuma a zuba shi nesa da bakin tankin don ruwan sama kar ya mayar da shi ciki. Kuɗin gininsa ya fi na ramin nesa ba kusa ba, wannan kam ku sani tun yanzu.

Abu na ƙarshe Ciyaman, ku duba inda bakin kanal ɗin yake. In a cikin kwanar rafi yake, gefen da yashi ke taruwa, to ko wane tanki kuka gina zai cika da wuri, ku matsar da shi gefen waje na kwanar inda ruwa ya fi zurfi, ku ɗaga bakinsa wajen rabin mita sama da gindin rafin, kuma ranar da rafi ya kawo bayan ruwan sama a rufe shi gaba ɗaya har ya lafa.