Wata uku ina ciniki da manhajar fassara a Mile 12, ga abin da na gani

Ni albasa nake saidawa a Mile 12, shekarata tara a Legas amma Yarbancina har yau bai wuce gaisuwa da ƙirgen kuɗi ba. Ƙanena ne ya saka min manhajar fassara a waya, ba zan kama sunanta ba, saboda wata kwastoma da nake da ita, dattijuwa mai gidan abinci a Ketu da nake ce wa Mama, ita da Yarbanci take rubuto mesej kuma ba kullum ɗanta yake kusa ba.

Gaskiya in takardar Turanci ce tana ƙoƙari. Sanarwar makarantar yara, takardar mai gida ta ƙarin haya, in na ɗau hoto ta juya min Hausa ina gane inda aka dosa, duk da Hausar tana fitowa kamar ta masu karanta labarai a rediyo.

Matsalar a ciniki take. Ranar nan Mama ta tambayi buhu nawa, nace 70,000, ta taya 55,000, ni kuma na rubuta abin da kowane ɗan kasuwa zai ce, albarka. Na latsa fassara na tura. Ba a yi minti biyu ba ta turo godiya harda amin, wai yaronta na tafe da Keke ya ɗau buhu uku. Ashe manhajar addu'a ta kai mata, ita kuma ta ɗauka na sa wa cinikin albarka kenan na yarda. Da ban kira ɗanta ba da 45,000 ta tafi a kalma ɗaya. Daga baya na gwada "na sallama" sai ta maida shi kamar na miƙa wuya a faɗa, "taya" kuwa wani lokacin tayar mota take fahimta.

Wani yaron unguwarmu a Agege da ya karanta kwamfuta shi ya warware min. Yace Alhaji, na'urar nan ba Hausa ta iya ba, jimloli aka tara mata bibbiyu, wannan da Turanci wannan da Hausa, tana koyon wanne ke tafiya da wanne. Faransanci da Jamusanci nasu tuli ne, namu kaɗan ne, kuma yawancin abin da aka samu littattafan addini ne da labaran jarida. To a can albarka albarka ce ta Allah, wa ya taɓa zama ya rubuta cinikin albasa ya fassara? Wai shi ya sa wata ƙungiya ta masu bincike 'yan Afirka, Masakhane, da ta fara a 2019 take ta aikin tara irin waɗannan jimloli a harsunanmu.

Abin da ya fi ban mamaki, yace tsakanin Hausa da Yarbanci kai tsaye rubutun da aka fassara bai taka kara ya karya ba, don haka yawanci Turanci ne ɗan aike a tsakiya. Turanci kuwa kalma ɗaya gare shi ta kai da ke da ku. Yarbawa kuma ba a ce wa babba `o`, `ẹ` ake cewa, kamar dai yadda muke ce wa manya ku. Kenan wata biyu ina yiwa matar da a haife ta haife ni magana kamar sa'ata, sai ɗanta ne ya gaya min yana dariya, wallahi naji kunya. In ta rubuto kan yarinyarta kuma sai in ga "zai zo", don Yarbanci baya raba shi da ita, manhajar canka take yi kuma namiji ta fi canka.

Wani laifin namu ne dai. Muna rubuta kasa, ba a san ƙasa ba ce ko kasa kaya kashi-kashi ko gazawa, tunda na saka allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ abin ya ɗan ragu. Amma gari na zama da gari na tuwo ba ƙugiyar da za ta raba su, sai in ka cika jimlar.

Yanzu ga yadda nake yi. Jimla gajera, kuɗi da lamba ba da kalma ba, ba karin magana, in ban yarda da tayi ba sai in rubuta "ban yarda da 55,000 ba, kuɗinsa 70,000". Sannan in kwafi Yarbancin in maido shi Hausa in gani, in ya dawo daban to akwai matsala. In ya dawo daidai ma ba tabbas bane, albarkar nan da na gwada ta haka, albarka ta dawo min tsaf.

Maganar bashi da kayan da suka ruɓe a hanya kuwa bana rubutawa, ɗan nata nake kira mu yi ta da brokin.